Idan shef ya yi shakkar uzurinka: yadda za ka karanta saƙonsa, ka amsa

Ma'aikaci ya makara ko ya yi fashin aiki, ya aika uzurinsa, sai amsa ta dawo mai kama da yarda amma ba yarda ba ce. Yawancin rigimar da ke kai mutum ga takardar gargaɗi a Damagaram daga nan take farawa, a cikin mintoci goma da ke biyo bayan wannan amsa, lokacin da zuciya ta hau kuma waya tana hannu. Laifin makarar sau da yawa ƙarami ne. Amsar da aka mayar cikin fushi ita ce ke zama abin da shef zai riƙa tunawa.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, domin a cikin ƙananan abubuwa ne dabarar take.

Mu ɗauka kai ne mai riƙe da makullin magaza a wani kamfanin rarraba kaya. Ana buɗewa ƙarfe 8. Ranar Talata ce cikin Satumba, tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro. Yaronka mai shekara uku ya kwana da zafin jiki da amai. Ƙarfe 6:30 ka ɗauke shi da mahaifiyarsa daga Karkada zuwa likitar unguwa, ka tarar da layi, ba a gan ku ba sai bayan ƙarfe 9. Ƙarfe 9:40 ka tuna da wurin aiki, ka rubuta wa shef: "Ina likita da yaro, zan makara." Ka iso ƙarfe 11:10. Tun ƙarfe 8 kuwa motar da za ta kai kaya Magariya tana tsaye a bakin magaza, direba da ƴan dako suna zaune, makulli yana aljihunka.

Ga abin da shef ya rubuto: "To. Allah ya ba shi lafiya. Amma satin da ya wuce ma yaro ka ce. Motar Magariya ta tsaya har sha ɗaya. Za mu yi magana."

Mataki na farko: kada ka taɓa wayar tukuna

Ba ina nufin ka yi banza da saƙon ba. Ya riga ya ga ka karanta, kuma shiru na tsawon yini zai ɗauke shi raini. Abin da nake nufi shi ne ka ba kanka kamar rabin awa. Buɗe magaza, loda motar, sallami direba. Wannan yana da amfani biyu: zafin rai zai sauka, sannan idan ka zo amsawa kana da labari na gaske da za ka ba shi, wato mota ta tashi ƙarfe kaza. Idan ya kira ka kafin nan, ka ɗauka, ka ce kana lodi, da an gama za ka zo ofishinsa. Haka ya wadatar.

Mataki na biyu: rarraba saƙon gida-gida

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Wanda aka yi wa shakku yakan karanta saƙon gaba ɗaya kamar jimla guda: "Ƙarya kake." Amma ba haka aka rubuta ba. Koma ka karanta, ka tambayi kowace jimla abin da take nema daga gare ka.

"Allah ya ba shi lafiya" addu'a ce. Ko da a ranka kana jin ta fito a bushe, amin kawai take nema. Kada ka tsaya auna ta.

"Satin da ya wuce ma yaro ka ce" ita ce shakkar. Ka lura, bai ce yaron lafiyarsa lau ba. Abin da ya ce shi ne yana ganin abu yana maimaita kansa. Shugaba yakan yafe uzuri guda ba tare da ya duba ba, amma idan iri ɗaya ya zo sau biyu a kusa, sai ya fara lissafi. Wannan jimla magana ce a kan abin da ya faru, tana iya zama daidai, tana iya zama kuskure, kuma ana iya dubawa.

"Motar Magariya ta tsaya har sha ɗaya" ita ce ainihin abin da ya ɓata masa rai. Daga Damagaram zuwa Magariya tafiya ce ta kusan kilomita 90, motar da ta tashi da tsakar rana ta makara wajen sauke kaya, wataƙila mai karɓar kayan ya riga ya kira shi sau uku, wataƙila shi ma na sama da shi ya tambaye shi. A ganina, cikin saƙonni irin wannan da yawa, shakkar ba ta samo asali daga uzurin ba. Asara ce ta auku, mutum ya fusata, sai ya waiwayi uzurin da idon fushi. Idan amsarka ba ta taɓa maganar motar ba, ko takarda goma ka kawo daga likita, zai ji kamar ba ka saurare shi ba.

"Za mu yi magana" kuma tana gaya maka cewa bai yanke hukunci ba. Ƙofa ce a buɗe, ko da yake da sanyi aka buɗe ta.

Saura abin da bai rubuta ba amma yana nan a fili ga duk wanda ya duba agogon saƙonnin: ana fara aiki ƙarfe 8, kai kuma ba ka yi magana ba sai 9:40. Awa ɗaya da minti arba'in kenan ba wanda ya san inda kake. Wannan giɓin shi ne ramin da shakku ke shiga. Mai shakku yakan ce a ransa, mutumin da ke likita tun da sassafe da waya a aljihu, me ya hana shi aiko da layi ɗaya? Duk lokacin da aka yi shakkar uzurinka, nemi giɓin nan da kanka kafin a nuna maka shi. Kusan kullum akwai shi, ko a lokaci, ko a wanda ka sanar, ko a wani abu da ka faɗa jiya da bai yi daidai da na yau ba.

Yanzu ka ga saƙon ya rabu: akwai abin da za a gyara da hujja, akwai asarar da za a amsa, akwai giɓin da za a cike. Abin da ya rage shi ne yanayin muryarsa, bushewar "To" ɗin nan da ta fi komai ci maka rai. Wannan ba a amsa shi, domin ba abin da za ka iya tabbatarwa a kansa. Ka ce ya yi maka magana da raini, ya ce shi bai yi ba, an bar maganar yaro da mota an shiga wata.

Mataki na uku: tattara abin da za a iya dubawa

Hujja ita ce abin da wani mutum zai iya gani ko tambaya ba tare da ya dogara da kai ba. "Na sha wahala yau" gaskiya ce, amma ba wanda zai iya duba ta. Kwanan wata a kan takarda kowa na iya gani.

A misalinmu akwai wani tarko. Tun 2006 Nijar ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati, saboda haka mai yiwuwa ba ka biya kuɗin ganin likita ba, ba ka da rasit. Kada wannan ya sa ka ce ba ka da shaida. Karnen yaron yana nan, a cikinsa ma'aikacin lafiya ya rubuta kwanan watan yau da abin da aka yi. Idan an rubuta maka maganin da ka saya a farmasi, takardar maganin tana da kwanan wata da hatimi, rasit ɗin farmasi ma wani lokaci har da awa. Idan ka san tun farko wurin aikinka mai tsanani ne, roƙi majo ko wanda ya duba yaron ya rubuta maka ƴar takarda cewa ka kawo mara lafiya yau. Neman ta a ranar ya fi sauƙi da nisa a kan komawa bayan kwana uku, lokacin da ɗaruruwan yara sun bi ta gabansa.

Sai wayarka. Jerin kira yana nuna ko ka yi ƙoƙarin kiran wani kafin 9:40. Idan ka kira abokin aiki ƙarfe 7:50 bai ɗauka ba, wannan ya rage giɓin. Idan ba ka kira kowa ba, to ka san matsayinka, kada ka ƙirƙiro kiran da babu shi. "Na yi ta kira ba rezo" ita ce ƙaryar da ta fi saurin tonuwa, domin shef na iya cewa mu ga wayar.

Sannan satin da ya wuce. Koma sama a cikin hirarku ta WhatsApp ka duba. Mu ce ka tarar ranar Lahadi da dare ka rubuta masa kana neman izinin awa biyu ranar Litinin don kai maiɗakinka awo, shi kuma ya amsa "ba damuwa". Ke nan ba yaro ba ne, kuma da izini ne. Shef bai yi maka sharri da gangan ba. Mutumin da ke kula da mutum ashirin ya tuna "likita" kawai, ya haɗa biyun. Amma idan ka duba ka tarar gaskiyarsa ce, satin da ya wuce ma yaron ne, sai ka amsa haka. Zazzaɓi yana dawowa, kowane uba a garin nan ya sani, kuma karnen zai nuna ranakun biyu.

Mataki na huɗu: rubuta amsar

Ga irin wadda ke fara zuwa bakin mutum: "Haba shef, wallahi tallahi ba ƙarya nake ba. Ni zan yi wasa da lafiyar ɗana? Shekara nawa ina aiki a nan ban taɓa cin amanar kowa ba. Wasu kullum suna makara ba a ce musu komai. In ba a yarda da ni ba a faɗa mini."

Duba ta da kyau, babu ko abu ɗaya a ciki da shef zai iya dubawa. Ta kawo kalmar ƙarya da shi bai furta ba, yanzu dole ya kare kansa. Ta jawo abokan aiki cikin rigimar da ba tasu ba, kuma maganar za ta kai kunnensu. Jimlar ƙarshe kuwa ƙalubale ce, shugaba kuma ba ya son a tura shi bango. Game da rantsuwa, na san bakinmu ya saba, amma a rubuce tana rage wa magana nauyi. Mai karatu yakan ji cewa da akwai takarda da ba a kai ga rantsuwa ba.

Ga wadda ta fi:

"Amin, na gode shef. Motar Magariya ta tashi ƙarfe 12:05, na kira mai karɓar kaya na sanar da shi. Na kai yaro likita ƙarfe 6:30, an gan mu bayan 9, an ce zazzaɓin sauro ne. Takardar magani tana hannuna in kuna son gani. Ban sanar da ku ba sai 9:40 kuma makulli yana wurina, wannan laifina ne, ku yi haƙuri. Na Litinin ɗin satin da ya wuce awon maiɗakina ne, wanda na nemi izininku ranar Lahadi da dare. Ina nan magaza, duk lokacin da kuka samu sarari zan zo."

Jerin yana da dalili. Ka fara da motar saboda ita ce damuwarsa, kuma da ya ga an magance ta zai karanta sauran da kwanciyar hankali. Lokutan sun zo da lambobi, domin "tun da sassafe" kowa na iya faɗa, 6:30 kuwa mai faɗarta ya yarda a bincike shi. Takardar ka ambace ta ba ka cusa masa ba. Idan ka jero masa hotuna biyar bai nema ba, kamar kana cewa ga shi nan, ka ji kunya. Hoton yaro kwance kuma kada ka tura shi ko kaɗan. Ba ya nuna kwanan wata, kuma neman tausayi ne a wurin da ake neman bayani.

Jimlar amsa laifi ita ce mafi wuya kuma ita ce mafi aiki. Ka lura da iyakarta. Ba ka ce laifi ne kai yaro likita ba, ba ka kuma ce ka yi kuskure a komai ba. Ka ɗauki abin da yake naka kawai, rashin sanarwa da riƙe makulli. Mutumin da ya nuna giɓinsa da kansa, ana saurin yarda da sauran maganarsa. Kada ka biyo ta da "amma". "Laifina ne, amma ai kun san yadda likita take" ta goge abin da ka faɗa. Idan ya tambayi dalilin jinkirin, ka faɗa a taƙaice: hankalina yana kan yaron, ban tuna ba.

Gyaran maganar satin da ya wuce ka sa shi kusa da ƙarshe, cikin jimla ɗaya, ba tare da "kun manta" ko "ku duba da kyau" ba. Ka ba shi rana da lokaci, shi zai hau sama ya gani da idonsa, ya gyara fahimtarsa ba tare da ya ce ya yi kuskure ba. Babba a wurinmu ba ya son a kama shi a fili, kuma ba ribar da za ka ci in ka tilasta masa. Abin da kake nema shi ne ya daina ƙirga uzurin sau biyu.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata amsa mai kyau. Idan kullum "ku" kake ce masa, ci gaba da haka. Idan kun saba da "kai" da wasa, kada yau ka koma "ranka ya daɗe" a kowane layi, zai ji gatse. Rubuta, kada ka yi saƙon murya, domin murya tana fallasa fushi kuma tana tsawo ba ka sani ba. In rubutu na ba ka wuya, shirya abin da za ka faɗa, ka tsaya a ƙasa da minti ɗaya, ka saurara kafin ka tura. Idan a gurup ɗin ma'aikata ya yi maka maganar, rubuta can "Na gani shef, zan yi muku bayani", sauran ka kai masa shi kaɗai. Kada kuma ka tura ka goge: WhatsApp yana barin alamar an goge saƙo, mai shakku kuwa zai cike wurin da abin da ya ga dama. Tura sau ɗaya, ajiye waya. Idan ya karanta bai amsa ba, kada ka bi shi da "kun gani?".

Mataki na biyar: a ofishinsa

Shiga da takardar a aljihu. Gaishe shi yadda kuka saba, ka bari ya fara, ka bari ya gama. Zai iya maimaita maganar motar, har da zafi. Kada ka katse shi don gyara minti biyar ko goma. Idan ya tambaya, amsa abin da ya tambaya kaɗai, kuma ka tabbata lokutan da ka faɗa da baki su ne waɗanda ka rubuta. Mai fushi yakan ƙara gishiri ba da niyya ba, 6:30 ta koma "tun asuba", sai shef ya ga labari ya fara motsi.

Sannan ka kawo gyara na zahiri, ba "ba zai sake faruwa ba", domin yaro bai yi maka alkawarin ba zai sake zazzaɓi ba. Ce masa daga yau duk abin da ya taso za ka aiko saƙo kafin 7:30, kuma ka nemi a ajiye makulli na biyu a wurinsa ko wurin wanda ya amince da shi. In ba a yarda da makulli biyu ba saboda lissafin kaya, wanda dalili ne mai ƙarfi a aikin magaza, ku tsayar da wanda za ka aika wa makullin ta hannun ɗan kabu-kabun da kuka sani, da yadda za a rubuta abin da ya fita a bayanka.

Yadda za ka gane ko maganar ta mutu ba wuya. Idan ya koma ba ka aiki kamar da, ko ya tambayi jikin yaro washegari, ta wuce, kada ka sake tono ta don jin ya ce ya yarda da kai. Da yawa ba za su taɓa furta hakan ba.

Inda wannan hanya ke tsayawa

Wani lokaci babu takarda ko ɗaya: babur ya mutu a hanyar Mirriya, ko rasuwa aka yi a unguwa da asuba. Tsarin bai canja ba. Faɗi lokaci da wuri, ambaci wanda za a iya tambaya, kamar mai gyaran da ya duba babur ɗin, sannan ka ce a fili ba ka da takarda. Idan kuwa uzurin da ka bayar tun farko an yi masa ado, barci ne ya kwashe ka ka ce likita, to kada ka je neman takardar boge. Makara laifi ne da ake yi wa faɗa, takardar jabu kuwa tana iya cin aikin gaba ɗaya. Je ka same shi shi kaɗai ka gyara maganar tun tana ƙarama.

Idan abin ya wuce waya, aka miƙo maka takardar neman bayani a rubuce, ka san an shiga wani mataki, domin amsarka za ta shiga dosiyarka. Duba wa'adin da aka rubuta a jiki ka amsa kafin ya cika. Sa kwanan wata, jera abin da ya faru da lokutansa kamar yadda ka yi a saƙon, haɗa fotokofin takardar likita, asalin ya zauna wurinka. Nemi sakatare ya buga hatimin karɓa a kan naka kwafin. Kada ka rubuta komai game da halin shef a ciki. Kafin ka miƙa, nuna wa wakilin ma'aikata idan kuna da shi. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, doka mai lamba 2012-45, kuma idan aka yanke maka albashi ko aka dakatar da kai a hanyar da kake ganin ba daidai ba, ofishin sufeton ƙwadago na Damagaram shi ne wurin kai ƙara, can ake fara ƙoƙarin sasantawa kafin a je kotu. Ma'aikacin gwamnati nasa tsarin daban ne, ya bi ta shugabanninsa da ƙungiyarsa ta ƙwadago.

Akwai kuma shef ɗin da kowane uzuri naka shakku ne, ko ka kawo hujja ko ba ka kawo ba, alhali na wasu yana wucewa. Amsa mai kyau ba za ta canja shi ba. Da irinsa, duk izinin da ya ba ka da baki ka bi shi da ɗan saƙo, "Kamar yadda muka yi magana, gobe zan iso ƙarfe 10", kada kuma ka goge hirarku, ka ɗauki hoton muhimman saƙonni ka ajiye a wani wuri saboda ranar da waya za ta ɓace ko ta lalace.